Lambar da Aka Rubuta a Wajen Katalog

Ofishinmu ɗaki ɗaya ne a saman wani shagon yadi, kusa da Kasuwar Kurmi. Mu huɗu ne muke rubuta manhajar waya, wadda 'yan kasuwa suke ajiye hotunan kayansu a ciki, su kuma fitar wa masu saye rasit. Mai kamfanin wani Alhaji ne ɗan kasuwar fata, bai san komai a kwamfuta ba, kuma ba ya ɓoye hakan. Ni ne na zo ƙarshe, bayan na gama bautar ƙasa, aka ɗauke ni a matsayin gwaji. Alhaji ya faɗa mini tun ranar farko cewa idan aikina bai gamsar da shi ba, ba za a yi rigima ba, sallama kawai za a yi.

Manhajar a rarrabe take gida-gida, muna ce wa kowane gida modul: na shiga, na hotuna, na rasit, da sauransu. Kowane modul yana aron kayan aikin da wasu suka riga suka rubuta, wato laburare, kuma kowace laburare tana da lambar da ke nuna fitowa ta nawa ce. Da na zo, kowa a modul ɗinsa yake rubuta lambar da ya ga dama. Laburare ɗaya sai ka same ta da lamba daban-daban a wurare da yawa. Na daɗe ina juya abin a raina kafin na ce, cikin ladabi, ko da za a tara sunayen da lambobin duka a fayil ɗaya, abin da ake kira katalog. Modul sai ya ambaci laƙabin laburaren kawai, lambar kuma ta fito daga wuri guda. In za a canja, sau ɗaya za a canja.

Babbanmu a aiki, wanda muke ce wa Oga, shi ya fara rubuta manhajar tun babu kowa. Ya saurare ni yana cin gyaɗa.

"To, Malam mai digiri, ka zo ka tsara mu ke nan," in ji shi. "Yi abinka. In ta fashe, kai ne."

Na yi. Na bi modul-modul ina cire lambobi, ina gwadawa, ina sake gwadawa, don ni mutum ne da ba na yarda da gwaji ɗaya. Tun daga nan sunana ya koma Malam Katalog. Ko shayi na zuba, sai Oga ya tambaya ko na duba lambar sukarin.

Akwai wata al'ada a ɗakin da ba wanda ya rubuta ta. Aikin kowa sai wani ya duba kafin a haɗa shi da na sauran, ban da na Oga. Duba aikinsa kamar ka ce wa babba ya buɗe bakinsa ka ga abin da ya ci ne. Shi yake tura nasa kai tsaye.

Wata Laraba muka fitar da sabuwar manhaja. Kafin azahar wayar Alhaji ta fara ƙara. Duk wanda ya taɓa hoton kaya, manhajar sai ta rufe kanta. Wani mai sayar da takalman fata ya hawo benen da kansa, yana haki, ya ajiye wayarsa a kan teburina ya ce yana tsaka da nuna wa baƙo kaya abin ya mutu a hannunsa. Modul ɗin hotuna a hannuna yake.

"Na faɗa ko ban faɗa ba?" Oga ya ce, bai ma juyo ba. "Shekara da shekaru muna aiki lafiya, yaro ya zo da fayil ɗinsa."

Alhaji ya ce da la'asar zai dawo, yana son jin abu biyu: me ya faru, kuma ko akwai dalilin da zai sa in ci gaba da zama.

Na buɗe saƙon kuskuren da manhajar ta bayar. Yana cewa modul ɗina ya kira wani aiki a laburaren hotuna, aikin kuma babu shi. Na duba katalog, lambar tana nan yadda na bar ta, kuma a wannan fitowar aikin yana nan. Na fara zargin kaina, kamar kullum. Sai na sa kwamfuta ta jero mini laburaren da suka shiga cikin manhajar a zahiri. A gaban laburaren hotuna na ga lambata, sai 'yar kibiya, sai wata lamba mafi sabunta. Na bi sawun wanda ya nemi sabuwar. Modul ɗin rasit ne. Oga yana son saka tambarin shago a kan rasit, sai ya rubuta sunan laburaren da sabuwar lamba da hannunsa, bai bi ta katalog ba. Modul ɗina an harhaɗa shi da tsohuwa, shi ya sa bai yi ƙorafi ba. Amma wajen haɗa manhaja gaba ɗaya, idan an nemi lamba biyu, mafi girma ake ɗauka. A sabuwar kuwa an cire aikin da nake kira.

Da Alhaji ya dawo, na fara da cewa wataƙila, a iya fahimtata, akwai yiwuwar matsalar daga wani layi ce.

"Wataƙila ko tabbas?" ya katse ni. "Ni ba na sayen fata da wataƙila."

Na dube shi. "Tabbas ne, Alhaji." Na juya allon na nuna kibiyar, na nuna layin.

Oga ya miƙe. "Ranka ya daɗe, tambaye shi. Ba shi ya ce fayil ɗin nan zai sa lamba ta zama ɗaya ba? To ina amfaninsa in bai hana ba?"

"Ba ya hanawa," na ce. "Wurin ajiye lamba ne. Wanda ya rubuta tasa a gefe, ba zai tare shi ba."

"Ka ji ko! Aikin banza. Kuma tsohuwar da ya maƙale mata ba ta yin abin da nake so. In zauna jiran izinin yaro kafin in yi aikina?"

"Da an canja a katalog, Oga, da nawa modul ɗin ya ƙi harhaɗuwa tun a nan ɗakin, da mun gani kafin ta fita."

"Da an, da an. Kai dai ba ka da kunya."

Sauran biyun suka sunkuyar da kai a kan allunansu. Alhaji ya kalle mu, ina jin yana auna wanda zai fi wuya a maye gurbinsa, kuma na san ba ni ba ne. Daga baya ya ce fayil ɗin zai zauna, kuma kowa ta nan zai bi, har Oga. Amma daga yau Oga ne kaɗai zai riƙa taɓa shi. Ni kuma in gyara hotuna kafin magariba, in na gyara in dawo gobe.

Oga ya zauna, ya goge layinsa, ya ɗaga lambar a katalog zuwa sabuwa, ya tura ba tare da ya ce mini komai ba. Da na jawo aikinsa, modul ɗina ya cika da jan rubutun kuskure. Na bi wuraren ɗaya bayan ɗaya na gyara, na gwada a wayar mai takalma, hotuna suka buɗe.

Na ci gaba da aiki a can. Duk lokacin da nake bukatar a canja wata lamba, sai in je in tsaya a gefen teburin Oga in yi sallama, shi kuma ya gama abin da yake yi tukuna kafin ya ɗago.