Orijinal Leda

Duk wanda ya sayi jaka ko takalmi a kasuwar Ƙanƙara, in dai yana da sauran shakka a ransa, rumfar Malam Yahuza baduku yake nufa kafin ya tafi gida. Ba don Malam Yahuza yana da daɗin baki ba. Mutum ne siriri mai ɗan gemu, wanda ya shekara arba'in yana ɗinka kube da sirdi da rigar laya da takalma, kuma a duk shekarun nan ba a taɓa jin ya yabi abin da ba hannunsa ya yi ba. Amma hancinsa ba ya ƙarya, wannan kowa ya sani.

Idan aka miƙa masa jaka, ba ya kallon ƙyallinta. Sai ya kai ta hanci tukuna. In ya ji warin roba, ya gama shari'a, sauran binciken don ya ƙara wa mai ita haushi ne kawai. Zai juya bakin yankan ya nuna maka zaren yadi a manne a baya, ya ce fata ba ta da zane a ciki, bayanta gashi-gashi ne kamar an karce ta. Zai danna da babban yatsa ya ce ka duba, fata tana yin tamoji ƙanana kamar fuskar tsohuwa, wannan kuwa ta lotsa ta dawo sumul. Zai nuna maka ƙananan ramukan saman, duk girmansu ɗaya, a jere kamar shukar gwamnati, ya ce babu akuyar da Allah ya halitta da tsari haka. Daga nan ya miƙo maka kayanka da yatsu biyu.

"Leda ce," in ji shi. "Damina guda za ta yi ta fara saɓa kamar maciji."

A bakinsa babu zagin da ya kai wannan kalma. Leda dai ita ce abin da ake ƙulla gishiri da manja a ciki, iska ta kwashe ta ta rataye a ƙaya. Fatar da yake girmamawa ita ce jimar gargajiya, wadda majema suke cire wa gashi da toka su jiƙa ta kwana da kwanaki a ruwan bagaruwa. Takalmin irinta da farko yana da tauri, har ya ɗan ci ƙafa, amma bayan wata biyu ya ɗauki siffar ƙafar mai shi, rana da mai da gumi su mai da shi ja mai duhu. Malam Yahuza yana maganarta kamar yana maganar 'yar'uwarsa.

Autarsa Saudatu tana aure a 'Yankara. Mijinta Mas'udu direban babbar mota ne, yana ɗaukar masara daga 'Yankara da Sabuwa ya kai Legas. Yaro ne mai kunya, irin wanda in ya zo gaida surukinsa ba a jin abin da yake cewa sai dai a ga bakinsa yana motsi. Shi ya sa da ya sayo wa tsohon tsaraba daga Legas, bai iya kawowa da kansa ba, Saudatu ya aiko.

Ta same shi a rumfa ranar kasuwa, ta durƙusa ta gaishe shi, ta buɗe kwali. Takalmi ne sau-ciki baƙi, mai taushi, yana sheƙi.

"Baba, ya ce a gaishe ka. Ya ce a faɗa maka mai shagon har rantsuwa ya yi mashi, wai orijinal leda ce."

"Mi ya ce?"

"Orijinal leda."

Malam Sanusi tela, wanda rumfarsa ke manne da ta Malam Yahuza, kuma abokin tsokanarsa tun suna samari, ya tsayar da kekensa don kada ko kalma ɗaya ta wuce shi.

Abin da ya faru a Legas ba wuya ba ne. Mai shagon da Turanci ya yi magana, kuma a Turanci sunan fata ke nan. Mas'udu, da Turancinsa bai wuce na shingen hanya ba, ya ɗauko kalmar yadda ya ji ta ya kawo gida. Amma Malam Yahuza bai yi wannan tunanin ba. Abin da ya shiga kunnensa shi ne, mijin 'yarsa ya aiko wa baduku ɗan baduku leda, har da saƙon cewa mai kyau ce. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Mutumin da yake shinshina jakar kowa a garin nan, ranar nan ko hanci bai kai ba. Ya sa albarka a taƙaice, ya tura kwalin ƙarƙashin benci da ƙafa. Saudatu ta ga ƙafar, ta tashi ta tafi.

Kafin la'asar Malam Sanusi ya raba labarin ga duk wanda ya kawo ɗinki. Kafin sati ya zagayo labarin ya hau mota ya isa tashar 'Yankara, inda direbobi suka raɗa wa Mas'udu suna Orijinal. Yaron ya daina zuwa gaisuwa. Saudatu ma ta ɗauke ƙafa, sai dai ta aiko da gaisuwa a waya, ita ma gajeriya.

Wannan ya dami Malam Yahuza, don yana son autarsa fiye da yadda zai yarda ya faɗa. Sai dai maimakon ya nemi gyara, sai ya nemi hujja. Ya yanke shawarar zai sa takalmin nan kullum har ya saɓule a idon jama'a, kowa ya ga ba ƙage ya yi wa yaron ba. Damina ta kama, ya ce ga alƙali ya zo.

Ya shiga da shi taɓon bakin kasuwa. Ya je da shi gona. Ya tsallaka da shi rafi a hanyar 'Yargoje, alhali ga gada. Mutane suka yi ta mamakin tsoho da riga mai faci da takalmin 'yan boko yana bin kududdufi kamar agwagwa. Kowace safiya ya ɗauko shi ya duba ko ya fara tashi. Takalmi ya bushe, ya goge shi da tsumma, ya koma baƙinsa, taushinsa na nan. Ƙafarsa ma, abin haushi, daɗi take ji a ciki.

Nasa na bagaruwa kuwa, da ruwa ya taɓa dukansa sau ɗaya a hanyar masallaci, ya sha ruwa ya yi dabbare-dabbare, da ya bushe ya ƙandare kamar ganda. Sai da ya bi shi da man gyaɗa yana murzawa kafin ya sauko. Wannan ba sabon abu ba ne a wurinsa, halin jimar bagaruwa ke nan, ba ta son jiƙa da bushewa. Amma bai taɓa jin haushin abin ba sai bana.

"Yahuza, ledar nan taka hwa ta ƙi mutuwa," in ji Malam Sanusi wata rana. "Ko dai a kai ta asibiti a duba?"

Da Sanusi ya tafi sallar azahar, Malam Yahuza ya cire takalmin, ya waiga hagu da dama, ya kai shi hanci a karon farko. Bayan wata uku a ƙafarsa, abin da ya ji ba ya da alaƙa da kowace irin jima. Ya ajiye da sauri. Ya ɗauko wuƙar aikinsa ya ɗaga shafin ciki ta wajen dunduniya. Babu yadi. Gashi-gashi ne. Ya yanko ɗan siriri, ya ga tsakiyar yankan ba ja ba ne irin na bagaruwa, wani toka-toka ne mai ɗan shuɗi. Ya san wannan launin. Jimar kamfani ce, wadda ake yi a Kano da maganin da suke kira kurom, a juya fata a cikin ganga kwana ɗaya ko biyu ta fito da taushi, a shafe samanta da launi. Irinta ba ta canja kala da tsufa, ba ta yin kyan da ta bagaruwa ke yi, amma ruwa bai cika damunta ba. Ya ƙyasta ashana ya kara. Ba ta narke ba, ba ta ɗiga ba. Ƙauri ta yi irin na babbakar kan rago, ta bar toka mai ɗan kore.

Yana riƙe da ashanar Malam Sanusi ya dawo.

"Wa ke babbaka a nan?"

"Hwata ce," in ji Malam Yahuza, murya ƙasa-ƙasa.

"Ban ji ba."

"Ka ji mana. Hwata ce, ta saniya, mai kyau. Ka bi duk waɗanda ka gaya mawa ka warware."

"Ni na ce leda ce? Kai da hancinka ka faɗa."

"Ban shinshina ba."

Malam Sanusi ya yi dariya har sai da ya dafa keke. Wannan labarin ya fi na farko gudu, don ya fi daɗi.

Ranar kasuwar 'Yankara Malam Yahuza ya hau ɗan acaba, takalmin a ƙafarsa an goge shi tas. Zuwa gidan suruki ba ƙaramin abu ba ne ga mutum irinsa, duk hanya yana shirya abin da zai ce, ramukan hanya suna zubar masa da shi. Saudatu ta shimfiɗa masa tabarma a zaure, ta kawo ruwa, idonta a kan ƙafarsa. Aka kira Mas'udu. Ya tuɓe takalmansa tun daga waje, ya shigo ya tsuguna can nesa, kai a ƙasa.

Suka gaisa. Suka sake gaisawa. Aka tambayi hanya, aka tambayi damina, aka tambayi masara. Da gaisuwa ta ƙare Malam Yahuza ya yi gyaran murya.

"Takalmin ga," ya ce, yana kallon bango, "na sa shi."

"To, Baba."

"Ba ya shan ruwa."

"To, Baba."

"Wanda ya sayar maka bai cuce ka ba. Ni ne ban duba ba. Allah shi yi maka albarka."

Mas'udu ya ce amin. Daga bayan ƙofa aka ji Saudatu tana jan hanci, wai hayaƙin murhu ne.

Da ya fito zai tafi, sai idonsa ya faɗa kan takalman Mas'udu a bakin zaure. Bai buƙaci hanci ba. Saman duk ya saɓe, zaren yadi ya fito fari, an ɗaure maɗaurin ɗaya da waya. Da waɗannan takalman yaron yake taka birki daga nan har Legas, ya shiga shago ya sayo wa wani fata.

Tambayar suruki girman ƙafarsa ba abin da bakin Malam Yahuza zai iya ba ne. Ya duba, babu mai kallonsa sai 'yarsa. Ya sunkuya ya zari karan dawa daga jikin danga, ya auna tsawon takalmin ya karya, ya auna faɗin ya sake karyawa, ya zura karan biyu a aljihu.

"Kada ki gaya mashi," ya ce wa Saudatu. "Kuma in na aiko da takalmi, ki ce mashi zai ci ƙafa sati biyu. Ya yi haƙuri da shi, daga baya zai saki."