Sabulun Ranar Awo

Shekarar da nake shirin jarrabawar aikin jinya a asibitin Dogon Dutsi, Faransawa ba su tafi ba tukuna. Mu biyu ne masu koyo, a ƙarƙashin majo, wato babban ma'aikacin jinya, mutumin da ko gaisuwa sai ya auna kafin ya amsa.

Mun haddace komai kamar karatun allo. Yaro ya riƙe wuya wajen wata huɗu, ya zauna kafin wata tara, in ya wuce shekara ɗaya da rabi bai taka ba a bincika. Mafi muni shi ne ya iya abu sannan ya daina. A takardar awon yara kuwa layin nauyi ake dubawa: in ya kwanta akwai matsala, in ya yi tsalle farat ɗaya a duba ƙafa, don kumburi ma nauyi ne.

Ran awo, duk uwar da layin ɗanta ya hau ana ba ta sabulu. Wata mata daga Matankari takan kawo 'yarta da aka yaye cikin bazara, rumbu ya yi ƙasa. Layinta ya daɗe a kwance, ran nan sai ya yi sama. Yarinyar da na sani tana bin kaji da gudu, ga ta zaune kamar tulu, gashi ya yi ja. Na danna bayan ƙafarta, gurbin yatsana ya ƙi komawa.

"Inna, yaushe ta bar tahiya?" na tambayi uwar.

"Tun da munka yi shibka, ɗana. Amma ka gani, ta yi ƙiba."

Na ruga wurin majo. "Majo, wagga ba ƙiba ba ta, ruwa na. A riƙe ta, akwai madara cikin magaza, ɗakin ajiya."

"Kai ka koya mini aiki? Lokotoro, babban likita, na tahe, layi mai hawa shika son gani."

Ya miƙa mata sabulu da hannunsa, mata suka yi guɗa, ta goya 'yarta tana godiya. Abokin karatuna kuwa har da taɓa ni: "Riƙe wanga, wallahi shina hitowa ga jarrabawa!" Na tsani bakinsa ran nan, har yau kuma in na tuna sai raina ya ɓaci.

Abin kuwa ya fito a jarrabawar. Na rubuta kumburi, na rubuta daina tafiya, na rubuta a kwantar da yaro nan take. Aka ce na yi ƙoƙari.

Bayan girbi na gamu da matar a kasuwa, bayanta ba goyo. Ita ta fara gaishe ni, ta ce in isar wa majo da godiya.

"Sabunin nan ya yi amfani," in ji ta. "Da shi munka yi mata wankan ƙarshe."