Ranar da Na Zare Hannu daga Ƙeyar Surukina

Duk lokacin zafi, idan kogin Logone ya ja baya yashi ya fito a wajen Tukra, nakan koya wa samarin da ke kora shanu yadda za su tsira in ruwa ya ɗauke su. Tsarina ba ya canzawa. Sai na taka wurin da ƙafata tukuna, saboda ramukan masu ɗiban yashi. Ruwa iya ƙugu. Mutum ya shaƙi iska ta baki, ya tsoma fuska, ya fitar da ita ta hanci har kumfa ya tashi. Sannan ya koyi miƙewa: ya naɗo gwiwoyi zuwa ƙirji, ya kawo kai gaba, ya dire ƙafa. Sai bayan nan nake kwantar da shi rigingine. Wanda ya yi mini gaggawa kuwa ya sha faɗa, don ni ba ni da haƙuri.

Wata shekara mahaifin matata ya aiko a kira ni. Dillalin shanu ne a unguwar Marjandafak, kuma yakan haye kogi a kwalekwale ya duba garke a rugage. Daminar da ta wuce kwalekwalensu ya kife kusa da gaɓa, da kyar aka jawo shi. Da na je, yana magana yana kallon bango, ni ina kallon tabarma, ya ce yana son in koya masa shi ma kafin ruwa ya sake cika. Shekara tara ina auren 'yarsa, ban taɓa cin abinci a gabansa ba.

Muka je Tukra da hantsi. A nan na fara ɓata aiki. Bakina ya kasa ce wa dattijo mai furfura ya tsoma fuska ya yi ta busa kumfa a gabana. Na kasa ce masa ya tuɓe doguwar rigarsa. Miƙewar ma na tsallake ta, wai kada in wahalar da shi. Na kira wannan ladabi, alhali tsoro ne kawai.

“Baba, ku kwanta a hankali,” na ce. “Kunnuwa cikin ruwa, haɓa sama, ku buɗe hannuwa.”

“Kana riƙe da ni?”

“Ina riƙe da ku, Baba.”

Ya ɗora ƙeyarsa a tafin hannuna. Kan surukina a hannuna! Na rasa inda zan sa ido. Shi kuwa ya yi daidai. Ya saki jiki, ƙirjinsa ya taso, numfashinsa ya daidaita, har ƙafafunsa suka rabu da yashi. Ruwa ne ke ɗauke da shi, hannuna taɓawa kawai yake yi. Da ɗaya daga cikin samarin ne, da na ce masa zan rage yatsu ɗaya bayan ɗaya, in jira ya yarda. Amma ni so nake in rabu da kan nan. Na zare hannu ban ce komai ba, har na ja da baya taki biyu.

Ya ji babu ni. Ya ɗaga kai ya duba, ƙugunsa ya nutse nan take, ruwa ya rufe masa fuska. Ya shaƙa ta hanci, don ban koya masa fitarwa ba. Ya yi ta harbin ruwa yana neman ƙasa, ƙasa tana nan ƙarƙashinsa, amma bai san yadda zai kawo ƙafa gare ta ba, riga kuma ta nannaɗe masa cinyoyi. Na zagaya ta baya, na cusa hannuwa a hammatarsa na ɗaga shi. Ya tsaya yana tari, ruwa iya cibiyarsa.

A gaɓa akwai makiyaya da suka kawo shanu shan ruwa, mutanen da yake yanke wa farashi a kasuwa. Ba wanda ya yi dariya. Duk suka juya baya suna duban shanunsu, kuma wannan ya fi dariyar ciwo.

Ya matse gemunsa, a karo na farko ya dube ni cikin ido.

“Ka ce kana riƙe da ni.”

“Baba, ai kun iya ne, shi ya sa…”

“Kalas, shi ke nan,” ya ce. “Mu tafi gida.”

Na aika kawuna ya ba shi haƙuri. Ya ce ya yafe, kuma na san ya yafe ɗin. Amma bai sake shiga ruwa ba, da ni ko da wani. Tun daga ranar nakan gaya wa duk wanda zan koya wa, komai girmansa, abin da ya faru da wanda na tsallake masa busa kumfa, ba tare da na faɗi ko wane ne ba.

Har yanzu yana hayewa idan kogi ya cika. Ranar da zai haye, matata ba ta iya zama wuri ɗaya sai ta ji ya sauka. Ba ta san abin da ya faru a Tukra ba. Shi bai gaya mata ba, ya ce mata kawai ruwa bai karɓe shi ba, amma mijinta ya yi iya ƙoƙarinsa.