La'asar a Bakin Rijiya

Shekarar da aka ba ni shugabancin ma'aikata ban fi talatin da haihuwa ba. Zamanin Nasara ne, lokacin da suka fara gina rijiyoyin siminti a ƙauyukan ƙasar Magarya, aka tura ni wani ƙauye kusa da Yekuwa da mutum tara, da buhunan siminti, da ƙarafan zubi a bayan raƙuma. Mai duba aikinmu wani ɗan Dahome ne, Kirista, muna ce masa Mushe. Yakan zo daga Magarya a kan doki duk bayan kwana biyar ko shida. Ranar farko ya miƙo mini agogo da takarda, ya karanta mini abin da ke ciki: a kama aiki ƙarfe shida, a tashi sha biyu, a huta har uku, a koma har shida.

Cikin mutanena akwai wani tsohon mahaƙi, ƙanen mahaifiyata. Tun ba a haife ni ba yake haƙa rijiyoyin gargajiya, ya kuma taɓa karatu gwargwado, don haka shi ke ba mu salla. Ni ina ce masa Kawu, sauran ma suka ɗauka. A takarda ni ne babba. A bakin rijiya kuwa, in na ce a yi abu, sai an fara duban fuskarsa.

Azahar ba ta ba mu wahala ba, tana faɗowa cikin hutu. La'asar ce ta zo tsakiyar aikin yamma ta zauna. Yadda muke yi, a haƙa kamar tsayin ƙugu, a kafa ƙarfen zubi, a ɗura kwaɓaɓɓen siminti tsakaninsa da bangon ƙasa, don ƙasar wurin rairayi ce, in an bar ta tsirara sai ta rufta. Zubi kuwa in an fara ba a tsayawa. A mako na farko muka kwaɓa siminti da misalin ƙarfe uku da rabi na yamma, mun ɗura kamar rabi, sai na ga Kawu ya ajiye shebur, ya fita fili yana auna inuwarsa da tafin ƙafa. Ya ƙirga bakwai da ɗan ƙari, ya ɗauki buta. Kafin in buɗe baki kowa ya bi shi.

Na ce, "Kawu, a bari mu ƙarasa. Lokaci bai ƙure ba, har rana ta yi ja-ja muna ciki."

Ya ce, "Farkon lokaci ya fi. Simintin naka ƙafa gare shi da zai gudu?"

Da a ce alwala ce da raka'a huɗu, da da sauƙi. Amma Kawu ba ya tsayawa gaban Ubangiji da kayan aiki. Sai ya wanke jiki, ya sa farar taguwa, ya jira na ƙarshe ya gama alwala, bayan sallama kuma ga lazimi. Zafin bazara ne. Da muka dawo kwaɓin ya yi tauri, na cikin ƙarfen ya fara kamawa. Muka ƙara ruwa muka ɗura haka nan. Da aka cire ƙarfe sai ga tsaga ta zagaye zoben kamar an ja layi. Kwana biyu muka yi muna fasawa, Kawu na gefena yana cewa simintin bana ba shi da kyau.

Na mai da zubi safiya, yamma haƙa kawai. Mai haƙa in ya fito ya yi salla ba abin da ke lalacewa. Muka samu zaman lafiya har muka kai ruwa.

Daga nan aiki ya sake. Sai a zura zobban da aka riga aka zuba a sama, mutum ya shiga ciki yana ƙwaƙule rairayin ƙarƙashinsu, su kuma suna nitsewa da nauyinsu. Ba ya iya haƙa sai ana kwashe ruwa da guga biyu ba tsayawa. In aka tsaya ruwa ya dawo, ya taho da rairayi. Kowace safiya sai mu yi sa'a biyu muna kwasa kafin a sa hannu a ƙasa. Mu tafi hutun rana, mu dawo mu tarar ya cika, mu sake kwasa. Daidai lokacin da ƙasa ta bayyana, Kawu ya fita auna inuwa. Kwana huɗu zoben bai sauka ko taƙi ɗaya ba.

Na tara su a gindin gawo na ce daga gobe ba hutun sa'a uku. Mun kasu biyu, biyar-biyar. Wasu na ja, wasu na hutawa, ci ma bi da bi, salla ma haka: rukuni ɗaya ya yi, ya dawo ya karɓi igiya, ɗayan ya tafi. Na sa aka kafa rumfar zana a kan bakin rijiyar saboda rana. Kawu ya ce bai ga laifin hakan a littafi ba, jam'i biyu ma jam'i ne. Na ji daɗi, ban san yanzu aka fara ba.

Kowa bayan Kawu yake so ya yi salla. Rukuni na biyu suka ce su ba su da liman. Na nuna wani da ya haddace izu goma, suka ce ai jiya aka ji shi yana zagin jaki. Na ce to ni zan ja. Wani ya ce ni yaro ne, ga shi kuma agogon Nasara a hannuna. Suka ce kuma ba adalci kullum su ne na baya. Na ce to a riƙa juyawa, yau waɗannan su fara, gobe waɗancan, Kawu kuma ya bi waɗanda suka fara. Sai aka shiga gardamar ko ranar Juma'a, da muke tashi da hantsi mu tafi babban gari, tana cikin ƙirga. Mutum tara, manya masu iyali, na wuni ina raba su kamar masu rabon nama.

Ranar Asabar da ta biyo, zoben ya karkace gefe guda, na ce a zura ni in gani da idona. Rijiyar ta kai gaba takwas. Ina ƙasa ina ƙwaƙular gefen da ya maƙale, ruwa iya idon sawu, sai na lura guga ya sauko bai koma ba. Na girgiza igiya. Na ɗaga kai, ba kan kowa a bakin rijiya. Waɗanda suka fara ranar Alhamis sun ce Juma'a ta ɗauke layin waɗancan, yau nasu ne. Waɗancan sun ce ba a yi rabo ranar Juma'a ba, yau nasu ne. Kowane rukuni ya tafi yana zaton ɗayan zai ji kunya ya koma.

Na yi kira har muryata ta dushe. Daga ƙasan rijiya murya sama take tafiya, ba ta zuwa gindin gawo. Ni kuwa ina jin tasu sama-sama, har na ji an ta da iƙama. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai cinya. Shi bai dame ni ba kamar rairayin da ke tsattsafowa ta ƙarƙashin zobe yana binne mini ƙafa, sai in zare wannan in zare waccan. Na gwada hawa igiya, hannuna duk laka, na zame. Na san tsawon sallar Kawu sarai, na tsaya ina ƙirga raka'o'insa, ina jin haushin da ban taɓa ji ba.

Wata tsohuwa mai kawo mana fura ita ta leƙo. Ta ce, "Ɗan nan, me kake yi a ciki kai kaɗai?" Na ce, "Inna, je ki ce musu in sun sallame akwai mutum a rijiya." Ba ta jira sallama ba, ta tafi tana faɗa tun daga nesa. Mutum huɗu suka yanke salla suka jawo ni, ruwa ya kai mini cibiya.

Sai da na yi tawa sallar tukuna, da jiƙaƙƙen wando. Sannan na ce, "Kawu, da na mutu a ciki, wa zai gaya wa 'yar'uwarka?"

Ya juya kan sauran ya wanke su tas, ya ce sallar da aka bar rai a rami aka tafi yi, shi bai san sunanta ba. Wani ya ce ai shi ya yi kiran salla. Kawu ya ce shi kira ya yi, bai ce a saki igiya ba. Bai ba ni haƙuri ba, har ya rasu kuwa bai taɓa ta da zancen ba. Amma da yamma ya same ni ya ce, "Me ya sa sai ƙarfe shida? Mu kama da an sallame asuba, gari na wayewa. Azahar a yi ta kashi biyu, ni zan ja na baya kullum. La'asar ta yi, a tashi gaba ɗaya."

Na lissafa, sa'o'in aikin ba su ragu ba, kwasar ruwa kuma sau ɗaya ce a rana. Abin da ya ƙara ba ni haushi shi ne mako biyu ina fama ban gano haka ba, shi kuma da alama ya daɗe da sani.

Da Mushe ya zo ya tarar da mu muna wanke ƙafa ƙarfe huɗu. Ya ciro tasa takardar ya nuna mini shida. Na ce ya zura igiyar awo tukuna. Ya zura, ya ga zobe biyu sun nitse cikin kwana biyar. Ya ce in Nasaran da ke samansa ya zo zagaye, mu san yadda za mu yi ya same mu a bakin rijiya, ko da wanke guga muke.

Ba wai an daina gardama ba. Da Kawu ya koma rukunin baya, kowa ya ce shi ma na baya ne, sai da na raba su da ƙuri'ar tsinke. Da la'asar ta zama lokacin tashi kuma, waɗanda da ba su san tsawon inuwarsu ba suka zama masana. Tun ƙarfe uku za ka ga mutum ya saki aiki ya fita rana yana taku. "Kawu, ta yi fa." Shi kuwa sai ya fito a hankali, ya auna, ya ce saura tafi ɗaya da rabi, a koma igiya. Ko sau ɗaya bai rage musu ba.

Mun gama kafin ruwan farko, da tsayin mutum biyu na ruwa a ciki. Aka tura mu wajen garin Bande da mutum shida sababbi, na sake bayanin rukuni biyu tun daga farko, wani a cikinsu ya ɗaga hannu ya tambaye ni ko Juma'a tana cikin ƙirga.