Rasidan Mai Wanki

A layin kowa Anti Mai Wanki yake ce mata, har da dattawan da suka girme ta. Shagonta ɗaki biyu ne: na gaba akwai kanta da kayan mutane a rataye cikin leda, na baya da injinan wanki biyu da teburin guga, inda tururi ba ya barin bango ya bushe. Kafin ta buɗe shi ta yi shekaru tana aikin jinya a asibiti, har sai da bayanta ya ce ya gaji. Can ta koyo ɗabi'ar rubuta komai da lokacinsa, wadda maigidanta, tsohon direban bas, yake tsokanarta da ita.

"Ke ko atishawa na yi sai kin duba agogo," in ji shi.

Wata shekara wutar lantarki ta ƙone mata injinan duka, shagon ya yi wata bakwai a rufe. Da ta farfaɗo sai ga wasiƙa daga ofishin haraji. Sun yi mata ƙiyasi kamar ta yi aiki shekarar cif, sun ɗora tara a kai. Ta karanta adadin a tsaye, sai ta nemi kujera. Ko ta sayar da injinan ba za su biya ba. Ba ta manta da shagon mai askin da ke kallon nata ba, wanda aka garƙame wa kwaɗo aka manna jar takarda a ƙofa. Har yau takardar na nan, shi kuwa ya bar gari.

Wani akanta da ke kawo mata riguna ya ba ta shawara.

"Anti, ki rubuta ƙorafi kafin wa'adin da ke cikin wasiƙar ya cika. Ki kai kwafi biyu, su buga hatimi a naki. Abin da kika yarda ana binki, ki riƙa biya. Sannan duk wanda kika yi magana da shi, ki rubuta."

Ta sayi littafi mai baƙin bango. Kowane abu da layinsa: kwanan wata, wa ta kira, muƙaminsa, me ya ce, me ya yi alkawari. Wasiƙa in ta zo, ta rubuta ranar da ke jikinta da ranar da ta iso hannunta. In ta biya a banki, ta kwafe adadi da doguwar lambar rasidi, sannan ta jefa rasidin a wata ambulan da ke kan kantar ɗakin guga.

Magana ta ja har ta shiga shekara ta biyu. Aka canza jami'in da ke riƙe da fayil ɗinta, aka sake canzawa, kowane sabo sai ta faro masa daga farko. Ta rame.  Farar mota in ta rage gudu a bakin shago, sai ta ɗauka ta ofishin haraji ce. Rannan har ta ƙona wuyan rigar wani, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Maman yara, littafin nan zai cinye ki kafin su cinye ki," maigidan ya ce. Da wasa ya faɗa, amma bai yi dariya ba.

Wata safiya farar motar ta tsaya da gaske. Mutum biyu suka shigo, babban ya ajiye takarda a kan kantar shagon.

"Mama, gargaɗi na ƙarshe ne. A wurinmu babu alamar kin biya ko sisi, kuma ba mu ga wani ƙorafi ba. In mako ya cika za a rufe shago."

"Yallaɓai, na biya! Wallahi na biya, rasidaina suna nan."

Ta ruga ɗakin guga ta sauko da ambulan, ta zazzage a gabansu.  Siraran takardun nan ne masu santsi da na'urar banki ke fitarwa. Danshi ya cinye rubutun wasu sun koma fari fat, waɗanda suka jingina da bango mai zafi kuma sun yi baƙi ƙirin. Ta ɗaga ɗaya saitin haske, ta juya shi, ta ɗaga wani. Babu wanda ake iya karantawa.

Jami'in bai yi mata tsawa ba, kuma wannan ya fi ba ta tsoro. Ya ce, "Ki zo ofis da abin da kike da shi," suka tafi.

 Washegari maigida ya kai ta, ya zauna a benci yana murza hularsa. Aka shigar da ita wurin shugabar sashe, wata mace mai tabarau da fayiloli jibge a gabanta. Anti ta miƙa kwafin ƙorafinta mai hatimi, sannan ta miƙa littafin.

"Mama, littafi ba rasidi ba ne," matar ta ce. "Abin da kika rubuta da hannunki ba zai zama shaidar biya ba."

"Na sani, ranki ya daɗe. Amma lambobin suna ciki."

Matar ta buɗe, ta daɗe tana dubawa. Ta jawo kwamfuta kusa.

"Karanto min ta farko."

Anti ta karanta. Matar ta buga a kwamfuta. 

"Ga shi. Kuɗin ya shigo, amma ba a ɗora shi a kan sunanki ba, yana cikin kuɗaɗen da ba a tantance masu su ba. Ta gaba."

Haka suka bi su ɗaya bayan ɗaya, suna fitowa. Ƙorafin ma, da aka bi ranar da ke jikin hatimin, aka gano shi a rajistar karɓar wasiƙu. An karɓa cikin wa'adi, ba a dai haɗa shi da fayil ɗinta ba. Sai suka zo kan wani layi mai kwanan wata da adadi, wurin lamba kuwa babu komai. Lokacin tana kwance da zazzaɓi, maigida ta aika, ya dawo ya jefa rasidin a ambulan.

"Wannan ba zan iya ƙirga shi yanzu ba," in ji matar. "Ki je reshen da aka biya, ki ba su ranar da adadin, su duba su ba ki shaida a rubuce. Zan dakatar da rufe shagon har a duba ƙorafinki."

"Ranki ya daɗe, a ba ni wannan ɗin ma a rubuce."

Matar ta dube ta ta saman tabarau, ta jawo takarda.

A mota maigida ya yi ta ba da haƙuri har ta ce ya isa haka. Banki ya ja su makonni kafin shaidar ta fito. Ofishin haraji kuma ya nemi takardar mai gyaran injin da takardun kuɗin wuta na watannin da shago yake rufe. A ƙarshe aka rage ƙiyasin sosai, aka yafe wani ɓangare na tarar, sauran ta biya kaɗan-kaɗan. Ba a taɓa ƙofarta ba.

Tsoron dai bai sake ta nan da nan ba. Ta daɗe tana firgita in an ƙwanƙwasa kantar shago da ƙarfi. Ranar da takardar kammalawa ta zo, ta yi mata kwafi uku, ta kai ɗaya gidan yayarta ta ce a ajiye mata a akwati. Da ta dawo ta tarar da mutane na jiran kayansu, ta ɗaura atamfar aiki ta shiga ɗakin guga.