Ƙaramin kore a bakin ƙofa

Yayana ya yi shekara talatin da ɗoriya yana haɗa wa mutane wuta, amma a gidansa bai taɓa tuna kashe ƙwan fitila ba. A unguwa Mai Wuta ake ce masa. Gajere ne, akwai ƙunar waya a babban yatsansa na hagu, kuma abin gwada wuta ba ya barin aljihun gabansa ko gidan biki za shi. Ba shi da yawan magana, sai dai in ka yi kuskuren tambayarsa yadda wani abu yake aiki, to ranar ka shiga uku.

Matarsa kuwa, wadda nake kira Anti, ba ta haƙuri da fitila tana ci a ɗakin da ba kowa. Ɗaki-ɗaki take bin bayansa tana kashewa tana mita, shi ya sa ya laƙaba mata Sifeto. Da mitar ta ishe shi, maimakon ya gyara hali sai ya gyara gida. Ya kafa wata 'yar na'ura mai ganin motsi a kusurwar ɗakinsu: ka shiga fitila ta kama, in aka yi minti goma ba motsi ta mutu. Kwana biyu ya yi yana alfahari. A na uku Anti na zaune tana ɗinke maɓalli fitila ta mutu a kanta, don na'urar motsin jiki take gani, ba ta san zaman mutum ba.

“Ka ga abin naka ya ce ba na nan,” ta ce masa. “Halinku ɗaya.”

Sai ya ƙara wani abu a ƙofa, maganaɗisu a jikin murfi da abokinsa a jikin katako, mai sanin an buɗe ko an rufe. Ni ya tsare da bayani ina tsaye da tire a hannu. In an rufe ƙofa, na'urar za ta jira rabin minti motsin mai fita ya wuce. In ta ga wani motsi bayan nan, to akwai mutum a ciki, kuma tunda ba a fita ta bango, fitila ba za ta mutu ba sai an sake buɗe ƙofa, ko da mutumin ya yini bai motsa ba. In kuwa ba ta ga komai ba, minti goma ta kashe. Ya sa wani ɗan ƙaramin ƙwai kore a waje da ke kamawa idan na'urar ta yarda akwai mutum. Har a wayarsa na'urar take rubuta masa lokacin kowane abu.

Shekara shida bayan haka Anti ta sami shanyewar ɓarin jiki. Na dawo gidan don jinya, tunda 'ya'yansu duka suna nesa. Ɗakin yana can ciki, tagarsa ta fuskanci bangon maƙwabta, ko da rana tsaka duhu ne. Matar da ta ƙare rayuwarta tana kashe fitila sai ta koma tsoron duhu kamar ƙaramar yarinya. Ta ce in ba ta ganin hannunta da ya mutu, ji take duk jikin ya bi shi.

Nan gyaran Yaya ya nuna rauninsa. Idan ka shiga ka fito ka rufe ƙofa, na'urar ta manta da wanda ke ciki, sai ya sake motsi. Anti kuwa tana iya yin awa ba ta motsa ba. Ranar da fitila ta fara mutuwa a kanta muka ji kukanta daga kicin. Yaya ya ɗauko tsani nan take zai cire komai ya mayar da makunni irin na kowa.

“Sauko,” ta ce, da harshenta da ya yi nauyi. “Ba motsin hannu ɗaya na'urar take so ba? Ina da shi. Shi kaɗai ne aikin da ya rage mini a gidan nan.”

Da ya sauko ya riƙe hannun nata mai lafiya, ya ce, “Na yi miki alkawari, Sifeto, ba za ki ƙara zama cikin duhu ba.”

Daga ranar muka sami doka. Duk wanda ya fito daga ɗakin zai rufe ƙofa, ya ƙirga talatin, ya ƙwanƙwasa, ita kuma ta ɗaga hannu, kuma ba ka tafiya sai kore ya kama. Ni abin yana ba ni haushi, ga tukunya a wuta ga ni tsaye ina ƙirga. Shi kuwa a nan yake sallamarsa kowace safiya, jakar aiki a kafaɗa.

“Akwai mutane a ciki?”

“Babu,” ta kan amsa. Sai kore ya kama, ya tafi yana dariya.

Wata goma sha huɗu muka yi a haka. Ya daina karɓar aikin nesa. Yana kan tsani a gidan mutane zai ciro waya ya duba, ya ga fitilarta na ci, ya mayar aljihu.

Wata Talata da hantsi na shiga da kofin ruwa na same ta tana barci. Ta kwana biyu ba ta runtsa ba saboda ciwo, ga shi yau fuskarta ta saki, numfashinta a hankali. Wallahi tausayi ne ya hana ni. Na ce yanzu in ƙwanƙwasa in tashe ta don ɗaga hannu? Na jawo ƙofar a hankali, na ce zan shanya kaya in dawo kafin minti goman. A wajen shanya maƙwabciya ta tsare ni da zance, daga nan na tuna da tukunya.

Da na dawo kore ba ya ci, ƙarƙashin ƙofa baƙi ƙirin. Ina buɗewa fitila ta kama. Idanunta a buɗe suke, rai ya yi halinsa. Hannunta mai lafiya ya zamo daga kan bargo yana lilo a gefen gado, ta wajen bango, inda na'urar ba ta gani. Ban san ko ɗagawa ta yi ƙoƙarin yi ba, kuma ba zan taɓa sani ba.

Ranar Yaya yana aiki a ƙarƙashin wani gini inda waya ba ta shiga. Ya iso da ƙurar siminti a gashinsa. Bai yi kuka a gaban mutane ba, ya yi duk abin da ake yi har aka kai ta aka dawo. Sai washegari da rana ya same ni a kicin, wayarsa a hannu, ya jingina da bango.

“Auta,” ya ce, “lokacin... fitila tana ci?”

Na kalli wayar. Na san abin da ke cikinta: an rufe ƙofa goma da kwata, fitila ta mutu goma da ashirin da biyar, an buɗe sha ɗaya da rabi. Shi ya koya mini karanta shi.

“Tana ci, Yaya,” na ce.

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya mayar da wayar aljihu, ya dafa kafaɗata.

“To alhamdu lillahi,” ya ce. “Kin yi ƙoƙari, Auta. Allah ya saka miki.”

Shekara uku ke nan, bai sake tambayata ba. Da zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.