Kai Ka Duba, Baba

Na tsufa a kujerar taksi a Yamai, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne cunkoson ƴan kallo. Hatsari na can ɗaya hannun titin, naka hannun a buɗe, amma motoci na rarrafe. Na gaba ya ɗan taka birki don ya leƙa, na bayansa ya taka fiye da haka, na uku ya tsaya cak. Haka tsayawar ke ja da baya har ta kai ga mutanen da ba su ma san abin da ya faru ba.

Ba mugunta ba ce. Ido ba ya neman izini in ya hango haɗari, zuciya tana so ta san abin da ya kayar da wani don ta kauce masa. In ka ga kowa ya waiwaya, kai ma wuyanka ya juya. Mu kuma a nan, kowa na da ɗan'uwa bisa moto, wato babur. Matsalar ita ce hannu yana bin ido, motar ta karkata, kuma wanda ke kallon gefe ba ya ganin fitilar birkin na gabansa.

Shi ya sa da nake koya wa ɗiyata tuƙi na kafa mata doka: direba ba ya kallo, na gefensa ke duba masa.

Wata la'asar tana tuƙa ni zuwa Tondibiya, a wajen Gudel muka tarar da taro. Na hango moto ja a kwance, irin na ƙanenta sak, kuma hanyar da yake bi ke nan kullum. Ita ma ta hango, don na ji numfashinta ya canza.

"Baba, kai ka duba," ta ce. "Ni ba ni dubawa."

Ban samu na gani ba, mutane sun rufe wurin. Sai mai taksin gabanmu, kansa a waje, ya taka birki ba zato. Ta tsaya lafiya, saura taki ɗaya. A can baya muka ji ƙarar wasu sun gwabzu.

"Shi ne?"

"Ban gani ba tukuna, ɗiyata."

Muka ci gaba a hankali, idonta na kan hanya, hawaye na zuba. Sai taron ya ɗan buɗe, na ga wani dattijo zaune riƙe da gwiwa, ana ba shi ruwa.

"Ba shi ba ne. Kuma mutumin da ransa."

Ba ta tsaya nan ba. Ta wuce taron sosai, ta kunna sigina, ta sauka gefen titi ta kashe mota. Sannan ta kifa kai ta fashe da kuka.

Ni da na koya mata dokar, wallahi ban san ko zan iya riƙe ta a ranar ba. Na bar ta ta yi kukanta, ina zaune ina jin kaina ya kai sama don alfahari da ita.